Fashin Baƙi: Yadda Ake Bin Takardar Albashi Layi-Layi Don Gano Kuɗin da Aka Cire Fiye da Kima

Mafi yawan ma'aikatan da ke karɓar albashin wata a Kumasi da Accra lamba ɗaya suke dubawa a takardar albashinsu, wato ta can ƙasa, wadda ke nuna abin da zai shiga banki. Idan ta yi kusa da ta watan jiya sai a ninke takardar a ajiye, idan kuma ta ragu sai a ce haraji ne ya ƙaru, a yi haƙuri. Wanda ya ɗan fi kula yakan ɗauki kalkuletar wayarsa ya tara abubuwan da aka cire, ya debe daga jimillar albashi, in lissafi ya fita daidai ya gamsu. Wannan tarawa tana da amfani, amma ita ce mafi raunin binciken, domin takarda na iya fita daidai a wajen tarawa da debewa alhali kowane wata ana cire wa mai ita kuɗin da bai kamata ba. Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi daɗewa ba a gano shi ba, yana ɓoye ne a cikin adadin da aka ɗora kowane kaso a kansa: a kan wane kuɗi aka lissafa fansho, a kan wane kuɗi aka lissafa haraji, kuma wanne aka fara cirewa kafin wanne.

Za mu ɗauki takarda guda mu bi ta daga sama har ƙasa. A ce ta wani mai kula da sito ce a wani kamfanin rarraba kaya mai zaman kansa a Kumasi, mazaunin Aboabo, ta watan Maris na 2024. Lambobin na misali ne, amma ƙa'idojin da za a auna su da su na dokar Ghana ne. Ga abin da takardar ta nuna:

```
Basic Salary           3,200.00
Rent Allowance           480.00
Transport Allowance      320.00
Gross Salary           4,000.00
SSNIT (5.5%)             220.00
Tier 3                   160.00
PAYE                     552.25
Welfare                   30.00
Staff Loan               250.00
Total Deductions       1,221.25
Net Salary             2,778.75
```

Kafin a taɓa wannan takarda akwai takardu uku da ya kamata a ajiye a gefe: wasiƙar ɗaukar aiki ko ta ƙarin albashi ta ƙarshe, takardar albashin watan da ya gabata, da yarjejeniyar duk wani rance da ake biya ta hanyar albashi. Takardar albashi ba ta iya zama shaida a kan kanta, dole a auna ta da wani abu da ke wajenta.

Ɓangaren sama ba ya cin lokaci. Ana duba cewa tushen albashi, wanda aka rubuta `Basic Salary`, ya yi daidai da abin da wasiƙa ta ce, a duba alawus ɗin haya da na mota, sannan a tara: 3,200 da 480 da 320 sun ba da sidi 4,000. A nan babu matsala. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa yanzu akwai lambobi biyu mabambanta, tushen albashi na 3,200 da jimillar albashi ta 4,000, kuma kusan duk rikicin da ke ƙasa daga musanya waɗannan biyu yake tasowa.

Layin SSNIT, wato hukumar da ke karɓar gudummawar fansho ta ma'aikata a Ghana, shi ne na farko da ake cirewa. Dokar fansho ta ƙasa ta 2008, mai lamba 766, ta ɗora wa ma'aikaci kashi 5.5 cikin ɗari na tushen albashinsa, ta ɗora wa mai kamfani kashi 13 cikin ɗari, jimilla 18.5. Daga cikin wannan jimilla, kashi 13.5 na tafiya hukumar SSNIT a matsayin rukunin farko, kashi 5 kuma na tafiya asusun rukuni na biyu da kamfanonin amintattu masu zaman kansu ke kula da shi. Abin lura shi ne a kan tushen albashi ake lissafa kason, alawus ba ya ciki. Kashi 5.5 na 3,200 sidi 176 ne, amma takardar ta nuna 220. Hanyar gane inda 220 ta fito mai sauƙi ce: a raba ta da 0.055, sai a sami 4,000 cif. Ke nan wanda ya tsara lissafin ya ɗora kason ne a kan jimillar albashi, ya haɗa da alawus, aka cire wa ma'aikacin sidi 44 fiye da kima. Wannan dabara ta komawa baya, wato a raba abin da aka cire da kasonsa domin a ga adadin da aka ɗora shi a kai, ita ce babban makamin mai bincike, kuma za ta sake yi mana aiki a layin haraji.

Akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi a nan kafin a tafi ofishin akanta da zafi. Wasu ma'aikatu sun dunƙule albashi wuri guda, ba sa ware alawus, duka kuɗin ne tushen albashi. A irin wannan tsari kashi 5.5 na dukkan kuɗin daidai ne, kuma ba asara ba ce ga ma'aikaci, tunda fanshon da SSNIT za ta biya shi nan gaba ya dogara ne da albashin da aka riƙa biyan gudummawa a kansa. Amma a takardar da ke gabanmu an ware tushe an ware alawus, saboda haka tambayar da za a yi ita ce ina sidi 44 ɗin suka tafi. Amsar tana cikin bayanin asusun ma'aikacin na SSNIT, wanda zai iya karɓa a kowane reshe na hukumar da katinsa na ɗan ƙasa, ko ya duba ta shafinta na intanet. Bayanin yana nuna albashin da kamfani ya bayyana a kowane wata. Idan ya nuna 4,000, to kuɗin sun isa hukumar, sai dai a daidaita tsarin, kuma kamfanin ma ya biya nasa kason fiye da yadda ya kamata. Idan kuwa ya nuna 3,200, to an cire 220 an kai 176, sauran suna hannun kamfani, kuma wannan magana ce mai nauyi fiye da kuskuren lissafi.

Wasu takardu suna nuna kashi 13 na mai kamfani, wanda a wannan misali sidi 416 ne. Don sanarwa kawai ake rubuta shi, bai kamata ya shiga jimillar abin da aka cire wa ma'aikaci ba. Haka nan rukuni na biyu: kashi 5 ɗinsa daga cikin 18.5 ɗin nan yake fitowa, ba ƙari ba ne a kan 5.5 na ma'aikaci. Wannan ya sa layin `Tier 3` na takardarmu, wato rukuni na uku na fansho, ke buƙatar a tsaya a kansa, domin 160 ɗin da aka cire kashi 5 ne na 3,200, daidai da adadin rukuni na biyu. Rukuni na uku na ganin dama ne, ma'aikaci ne ke cika fom ya zaɓi kason da yake so. Idan mai sitonmu ya tuna ya sa hannu a kan kashi 5, kuma kamfanin amintattun na aiko masa da bayanin asusunsa, layin ya inganta. Idan bai taɓa cika fom ba, akwai yiwuwar kason rukuni na biyu ne aka ɗora masa aka sauya wa suna. Za mu ɗauka cewa ya sa hannu, kuma 160 ɗin halal ne.

Yanzu sai haraji, inda aikin yake da gaske. Harajin albashi a Ghana, wanda takarda ke kira PAYE, yana ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mai lamba 896, kuma hukumar tara haraji ta GRA ce ke fitar da jadawalinsa. Ba a ɗora shi a kan tushen albashi, ba a kuma ɗora shi a kan jimillar albashi kai tsaye. Ana farawa da jimilla, domin alawus ɗin haya da na mota da aka biya da tsabar kuɗi duk suna cikin abin da ake yi wa haraji, sannan a debe gudummawar SSNIT ta ma'aikaci, a debe ta rukuni na uku muddin ba ta wuce kashi 16.5 cikin ɗari na tushen albashi ba, a kuma debe duk wani rangwame da hukumar ta amince wa mutum da shi. Abin da ya rage shi ake kai wa jadawali. A misalinmu, 4,000 a debe 176 a debe 160 ya bar sidi 3,664.

Jadawalin hawa-hawa ne, kowane hawa da kasonsa, kuma kason hawan sama ba ya komawa kan kuɗin da ke hawan ƙasa. Wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024, a lissafin wata, ga yadda yake:

```
490.00      0%
110.00      5%
130.00      10%
3,166.67    17.5%
16,000.00   25%
30,520.00   30%
```

Abin da ya haura waɗannan hawa shida ana yi masa kashi 35, amma wannan bai shafi mafi yawan ma'aikata ba. Sidi 490 na farko babu haraji a kansu. Sidi 110 da ke biye suna jawo 5.50, sannan 130 na gaba su jawo 13. Ke nan duk wanda kuɗinsa na haraji ya kai 730 ya riga ya ci bashin sidi 18.50, kuma wannan lamba ce da ta cancanci a haddace ta, domin tana rage aikin zuwa layi ɗaya. Daga 730 har zuwa 3,896.67 kashi 17.5 ne. Mai sitonmu yana da 3,664, a debe 730 ya rage 2,934, kashi 17.5 na wannan kuma 513.45 ne. A haɗa da 18.50, harajin da ya wajaba a kansa ya zama sidi 531.95.

Takardar ta ce 552.25, bambancin sidi 20.30. Mutum zai iya tsayawa a nan ya ce an cire masa fiye da kima, amma akanta zai amsa masa da cewa kwamfuta ce ta lissafa, kuma maganar ta mutu. Abin da ke sa a saurari mai ƙorafi shi ne ya nuna inda kwamfutar ta kauce, wannan kuwa sai an koma baya. A debe 18.50 daga 552.25, a sami 533.75. A raba da 0.175, a sami 3,050. A mayar da 730 da aka ware, a sami 3,780. Wannan shi ne adadin da aka ɗora wa haraji a takardar. Sai a tambayi kai: wace hanya ce ke kaiwa daga 4,000 zuwa 3,780? Hanya ɗaya ce, a debe 220 kawai. Wato an debe SSNIT ɗin da aka lissafa ba daidai ba, an kuma manta da 160 na rukuni na uku gaba ɗaya, aka yi wa ma'aikacin haraji a kan kuɗin da doka ta yafe.

A nan akwai wani abu da ke rikita har waɗanda suka iya lissafi. Mantawa da 160 ya kamata ya ƙara harajin da sidi 28, tunda kashi 17.5 na 160 ke nan. Amma bambancin da muka gani 20.30 ne. Dalili shi ne kuskuren farko ya rufe wani ɓangare na na biyu: ƙarin sidi 44 da aka cire a layin SSNIT ya rage kuɗin da ake yi wa haraji da 44, ya sauke harajin da 7.70, kuma 28 a debe 7.70 shi ne 20.30. Saboda haka ne ba a binciken layin haraji shi kaɗai, kuma ba a fara shi kafin a gama da layukan fansho. Wanda ya karɓi 220 a matsayin gaskiya ya shiga lissafin haraji da ita zai sami lamba ta uku wadda ba ta dace da takarda ba, ba ta kuma dace da doka ba, ya rasa inda zai kama.

Idan komawa baya ba ta ba da lamba mai ma'ana ba, abu na gaba da za a zarga shi ne tsohon jadawali. Kafin Janairun 2024, hawan da ba a yi wa haraji sidi 402 ne, hawan kashi 17.5 kuma 3,000 ne. Ƙaramin kamfanin da ke lissafin albashi a Excel, wanda kuma ba a sabunta masa lambobin ba, zai cire wa mai 3,664 harajin sidi 549 maimakon 531.95, kuma zai ci gaba da yin haka kowane wata har sai wani ya lura. Jadawalin yakan sauya idan majalisa ta gyara doka, don haka wanda ke binciken takardar wata shekara dabam sai ya nemo na shekarar daga shafin GRA, ya tabbata jadawalin wata ya ɗauka, domin hukumar na fitar da na shekara ma a gefensa.

Rangwamen haraji wani abu ne da ake yawan ɗauka kuskuren kamfani alhali ba shi ba ne. Doka ta ba mai aure ko mai ɗaukar nauyin iyali rangwamen sidi 1,200 a shekara, ta kuma ba da 600 a kan kowane ɗa da ke makaranta, har 'ya'ya uku. Rangwamen ba kuɗi ba ne da ake miƙa wa mutum, adadi ne da ake debewa kafin a kai ga jadawali, saboda haka 1,200 a shekara, wato 100 a wata, yana sauke harajin mai sitonmu da sidi 17.50 ne kawai a wata. Kuma ba ya zuwa da kansa, sai mutum ya nema a wurin GRA an amince masa. Wanda bai nema ba ba shi da hujja a kan akanta. Wanda ya nema aka amince, ya miƙa shaida ga ofis, sannan komawa baya ta nuna ba a debe ba, shi ne mai ƙorafi na gaskiya.

Sauran layukan ba kaso ba ne, yarjejeniya ce, don haka da takarda ake auna su ba da kalkuleta ba. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta taƙaita abin da mai kamfani zai iya cirewa daga albashi: ban da abin da wata doka ta wajabta, irin su haraji da fansho na dole, cire-cire kamar kuɗin ƙungiya da gudummawar asusun ajiya suna buƙatar amincewar ma'aikaci, kuma an hana mai kamfani cin ma'aikaci tarar kuɗi don hukunci. Sidi 30 na `Welfare` dai ma'aikacin ya san da su, kuɗin asusun taimakon juna ne na abokan aiki, na biki da rasuwa, kuma haka suke a takardar watan jiya.

Layin rance shi ne mafi tsada a wannan takarda, kuma shi ne wanda ido ke tsallakewa domin an saba ganinsa. Yarjejeniyar ta ce an ba shi sidi 3,000, zai biya 250 sau goma sha biyu, daga albashin Maris na 2023. A nan ne ƙidaya ke yaudarar mutane, domin hankali yakan ce daga Maris zuwa Maris shekara guda ke nan. Amma idan Maris na 2023 shi ne biya na farko, Disamba ne na goma, Janairu na goma sha ɗaya, Fabrairun 2024 kuma na goma sha biyu, a nan bashin ya ƙare. Abin da aka cire a Maris na 2024 biya ne na goma sha uku. Irin wannan yana faruwa ne idan an shigar da ciren a matsayin na dindindin ba tare da ranar tsayawa ba, kuma idan ba a yi magana ba zai fito a Afrilu ma. Ba a dogara da tunani wajen ƙidayar, ana jera takardun albashin ne a ƙirga watannin da layin ya bayyana a zahiri, domin wani lokaci ciren bai fara a watan da yarjejeniya ta ce ba, ya makara da wata guda, a nan kuma kamfani ne ke da gaskiya. Takardar da ke nuna ragowar bashi a gefen layin ta fi sauƙin bincike, wadda ba ta nunawa kuma ma'aikaci na da damar neman a rubuta masa bayanin abin da ya biya da abin da ya rage.

Ga ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sauransu waɗanda albashinsu ke fitowa daga ofishin Babban Akanta na Ƙasa, wannan ɓangare ne ya fi tsawo. Takardarsu ta intanet takan jera kuɗin ƙungiya irin su GNAT ko NAGRAT na malamai, da inshora, da rancen bankuna da kamfanonin ba da bashi, da kayan da aka saya a biya kaɗan-kaɗan, kowanne da sunan mai karɓa. Ƙa'idar dai ɗaya ce: kowane layi sai an iya ɗora shi a kan wata takarda da mutum ya sa wa hannu, da adadinta da ranar ƙarewarta. Layin da ba a gane ba, komai ƙanƙantarsa, ana kai shi ne ga kamfanin da sunansa ke jiki a nemi ya nuna takardar izinin, a kuma sanar da ofishin albashi na ma'aikatar a rubuce.

Sai a ƙarshe ake yin tarawar da mutane suka saba farawa da ita. A tara 220 da 160 da 552.25 da 30 da 250, a sami 1,212.25. Takardar ta rubuta 1,221.25, bambancin sidi 9. Masu aikin akanta sun san wannan alama: idan bambanci tsakanin lambobi biyu ya rabu da tara ba saura, sau da yawa an juya lambobi biyu da ke maƙwabtaka ne wajen bugawa, kamar yadda 12 ta koma 21 a nan. Manhajar albashi ba ta yin irin wannan kuskure da kanta, don haka ganinsa na nuna cewa wani ne ya buga jimillar da hannu, wanda kuma dalili ne na a ƙara sa ido a kan takardun sauran watanni. Lura cewa layin ƙarshe, 2,778.75, ya dace da 4,000 a debe 1,221.25, shi ya sa wanda ya gwada debewar ƙarshe kawai zai ga komai lafiya.

Idan aka sake gina takardar da lambobin gaskiya, abin cirewa zai zama 176 na SSNIT, 160 na rukuni na uku, 531.95 na haraji da 30 na asusun taimako, jimilla 897.95, abin da ya kamata ya shiga banki kuma 3,102.05. Tsakaninsa da abin da aka biya akwai sidi 323.30. Akwai gwaji guda da ke tabbatar da cewa binciken ya cika: a tara kurakuran ɗaya bayan ɗaya, 44 da 20.30 da 250 da 9, dole su ba da 323.30 ɗin nan. Sun ba da. Da an sami saura, da akwai layin da ba a gama da shi ba. Bambancin fesuwa ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, daga cike lambobi yake zuwa.

A ganina, cikin kurakuran huɗu, na 250 ne zai fi tayar wa ma'aikaci hankali, amma na 44 da na 20.30 ne suka fi cancantar a bi su. Na rance da na tarawa, zuwa yanzu, na wata guda ne. Waɗancan biyun kuwa a cikin tsarin lissafin suke zaune, suna maimaituwa kowane wata, sidi 64.30 a wata, wato 771.60 a shekara idan albashin da jadawalin ba su sauya ba, kuma da wuya a ce mutum ɗaya kaɗai suka shafa a kamfanin. Saboda haka da zarar an gano irinsu sai a koma ga tsofaffin takardu a nemo watan da suka fara.

Watan da aka biya bonas yana buƙatar kulawa ta musamman, domin a nan ne kuskure guda ke iya cin kuɗi mai yawa. Bonas ɗin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari na tushen albashin shekara ba, harajinsa kashi 5 ne kawai, a ware yake, ba a haɗa shi da albashin wata. Tushen albashin mai sitonmu na shekara 38,400 ne, kashi 15 ɗinsa kuma 5,760. Idan aka ba shi bonas na 3,000 a Disamba, harajinsa sidi 150 ne. Idan aka zuba shi a kan 3,664 aka kai jadawali, kaɗan daga cikinsa zai cike hawan kashi 17.5, mafi yawansa ya faɗa hawan kashi 25, harajin ya kai 732.55, wato an cire 582.55 fiye da kima a wata ɗaya. Kuɗin aikin ƙarin lokaci ma yana da rangwamen kaso, amma ga ƙananan ma'aikata ne waɗanda albashinsu na shekara bai wuce sidi 18,000 ba. Mai sitonmu ya haura wannan iyaka, don haka idan aka haɗa nasa da albashi aka yi masa haraji bisa jadawali, ba a zalunce shi ba.

Ƙorafin ana kai shi ne a rubuce ga akanta ko ofishin kula da ma'aikata, a ajiye kwafi, kuma ya fi tasiri idan shafi ɗaya ne da ke nuna kowane layi da abin da aka cire, da abin da ya kamata a cire, da lissafin da ya kai ga hakan. Yana da kyau a hanzarta, domin kamfani na miƙa gudummawar fansho zuwa ranar 14 ga watan da ke biye, harajin kuma zuwa ranar 15, gyara kafin kuɗin su bar hannun kamfani ya fi sauƙi a kan gyara bayan sun tafi. Inda akwai ƙungiyar ƙwadago, wakilinta ne mataki na gaba, sannan ofishin ƙwadago na yanki ko Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa idan abin ya ƙi warwaruwa.

Bayan an amince da kuskure, takardar watan da ke biye ma sai an bincike ta da irin wannan ido, domin yadda aka shigar da kuɗin da aka mayar yana iya haifar da sabon kuskure. Sidi 323.30 ɗin nan kuɗi ne da aka riga aka gama lissafin harajinsu, tunda 531.95 da muka samu ya ƙunshi harajin sidi 44 ɗin da suka dawo cikin albashi. Wurinsu shi ne ƙasan layin haraji, a matsayin mayarwa. Idan akanta ya shigar da su a sama tare da alawus, jimillar albashi za ta koma 4,323.30, kuɗin haraji ya tsallaka iyakar 3,896.67 ya shiga hawan kashi 25, a sake cire kimanin sidi 63 daga kuɗin da aka ce an mayar. Abin da za a duba a takardar Afrilu shi ne layin SSNIT ya koma 176, layin PAYE ya koma 531.95, layin rance ya ɓace, jimillar albashi ta tsaya a 4,000, abin da ya shiga banki kuma ya zama 3,425.35, wato 3,102.05 na watan haɗe da 323.30 na mayarwa.